Kwastoma ya ce kaya ba su cika ba, takardu sun ce sun cika: tambayoyi da amsoshi ga masu sayar da tayil da kayan gini a Abuja

Mun gina waɗannan amsoshi a kan misali guda, domin a bi shi daga farko har ƙarshe. Wani shago a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei ya sayar wa wani Alhaji kwali 120 na tayil mai faɗin santimita 60 da 60, a ce kowane kwali naira 12,000. An biya ranar Litinin 3 ga wata, an kai kayan wurin gininsa a Lugbe ranar Talata 4. Ranar Alhamis 20 ga wata, bayan kwana goma sha shida, Alhaji ya bugo waya rai a ɓace: mai sa tayil ya ce kaya sun ƙare, saura ɗaki guda da ɗan baranda, don haka kwali 110 aka kawo masa, a cika masa goma ko a mayar masa da naira 120,000. Mai shago ya san ya loda 120. Tambayar ita ce yadda zai ce a'a ba tare da ya ci mutuncin mutumin ba, kuma ba tare da ya rasa shi ba.

Na tabbata ban cuce shi ba. Me zai hana in faɗa masa haka tun a wayar farko?

Domin a wayar farko abin da ke hannunka tuni ne kawai, shi ma abin da ke hannunsa ke nan. Kai ka tuna ka loda 120, shi an gaya masa 110, sai musu ya zama wa ya fi wani ɗaga murya. Abin da ya kamata ka yi a wannan waya abu biyu ne. Ka sa ya faɗi ƙorafin da adadi: kwali nawa yake ganin an kawo, wa ya ƙirga, yaushe aka ƙirga, kwalaye cikakku aka ƙirga ko fanko. Sannan ka ɗauki alkawari mai lokaci: "Ranka ya daɗe, na ji. Ka ba ni zuwa gobe bayan Azahar in duba takardun wannan kaya, zan dawo maka da abin da na samu."

Kada ka ce "za mu cika maka" don ka kwantar masa da hankali, kada kuma ka ce "ba zai yiwu ba". Na farko alkawari ne da zai riƙe ka da shi, na biyu kuma ƙaryata shi ne tun ba ka buɗe littafi ba. Kana ajiye waya ka tura masa gajeren saƙo a WhatsApp da ke maimaita abin da ya ce, ya amsa da "haka ne". Wannan saƙo yana hana ƙorafin sauya kama. Sau da yawa wanda ya fara da kwali goma, da ya ga takarda sai ya koma maganar launi ko fasassu, sai ka wayi gari kana amsa abin da ba shi aka kawo maka ba.

Duba takardun kuma ka yi shi tsakani da Allah, kamar mai neman kuskuren kansa. Yaran lodi suna kuskure, direba yana iya sauke kaya wuri biyu ya gauraya. Sai ka rufe waɗannan ƙofofi tukuna kake da bakin cewa a'a.

Waɗanne takardu ne suke da nauyi? Rasit bai isa ba?

Bai isa ba, kuma a nan ne masu shago da yawa suke faɗuwa. Rasit yana nuna abin da aka saya da abin da aka biya. Alhaji bai musa ya sayi 120 ba, bai musa ya biya kuɗin 120 ba; da rasit ɗin ma yake kafa hujja a kanka. Haka shaidar taransifa ko takardar POS: kuɗi suke nunawa, ba kaya ba. Idan ka tura masa rasit a matsayin amsa, ka amsa tambayar da bai yi ba.

Takardar da ke magana a kan ainihin rigimar ita ce webil, wato takardar da ke rakiyar kaya zuwa wurin gini. Webil mai amfani yana ɗauke da kwanan wata, irin tayil da girmansa, adadin kwalaye da lamba da kuma kalmomi, lambar mota, sunan direba, sannan suna da lambar waya da sa hannun wanda ya karɓa. Idan akwai gurbin da mai karɓa ke rubuta adadin da ya ƙirga da hannunsa, wannan layi guda ya fi duk sauran nauyi, domin ƙirgarsu ce ba taka ba. Sa hannu kawai a ƙasan takarda ana iya cewa "na sa hannu ne ban duba ba". Amma mutum ya rubuta "120" da alƙalaminsa, da wuya ya janye.

Bayan webil sai littafin sito. Ka duba abin da ke sito na wannan tayil da safiyar 4 ga wata, abin da aka fitar ranar, da abin da ya rage, sannan ka je ka ƙirga abin da ke nan yau. A ce 300 ne da safe, an fitar da 120 ga Alhaji, daga baya an sayar da 45 da 30 ga wasu. Ya kamata 105 su rage. Idan ka ƙirga ka samu 105, kwali goman ba sa wurinka. Idan ka samu 115, to ka daina shirya wasiƙar ƙin amincewa, ka nemi mota ka kai wa mutum kayansa tare da ban haƙuri. Littafin sito shi kaɗai ba ya gamsar da kwastoma, tunda kai ne ka rubuta shi, amma kai yana gamsar da kai, kuma yana ƙara wa webil ƙarfi idan sun dace.

Sai hotuna da bidiyo. Hoton mota cike da kaya ba ya tabbatar da adadi, domin ba a ganin na ciki. Hoton da ke da amfani shi ne na kwalaye bayan an sauke, an jera su yadda za a iya ƙirgawa: layi goma sha biyu, kowane layi kwali goma, an ɗauka daga gaba da gefe, ginin yana bayyane a baya. Idan direba ya tura wa Alhaji wannan hoto ranar 4 ga wata, shi kuma ya amsa da "Madalla, sun iso", wannan amsa tasa tana cikin mafi ƙarfin abin da kake da shi. A lura da wani abu: hoton da aka tura ta WhatsApp ta hanyar da aka saba yana rasa bayanan ranar ɗauka da ke ɓoye a cikinsa, don haka ranar da ke jikin saƙon ita ce shaidarka, ko kuma asalin hoton da ke wayar direba. Tura shi a matsayin Document yana barin waɗannan bayanai.

Mai gadi ne ya sa hannu. Alhaji ya ce shi bai wakilta mai gadi ba.

Ka koma saƙonnin ranar 3 da 4 ga wata. Kusan kullum akwai inda mai gini ya ce "ku kira wannan lamba idan kun iso" ko "yarona yana can zai karɓa". Idan lambar da ya bayar ita ce a jikin webil, shi ya nuna wanda zai karɓa, kai kuma ka bi umarninsa. Ka nuna masa wannan a hankali, da kalmominsa, ba tare da ƙarin gishiri ba.

Idan babu irin wannan saƙo, direba ya isa ya ga mutum a ƙofa ya ba shi takarda, to hujjarka ta yi rauni, kuma ka san da haka kafin ka yi magana. Sai ka dogara da hoton sauke kaya da amsar da Alhaji ya bayar ranar, da kuma cewa an buɗe kwalaye ana aiki da su kwana da kwanaki ba wanda ya ce ba su cika ba.

To idan na kai 120, ina kwali goman suka tafi?

Wannan ita ce tambayar da ke cin Alhaji, kuma amsar da ba ta taɓa ta ba, ko da takardu ɗari, za ta bar shi da zargi. Mutumin yana tsaye cikin ɗakin da ba a gama ba. Takardarka ta ce kaya sun cika, idonsa ya ce ba su isa ba. Sau da yawa duka biyun gaskiya ne, kuma lissafi ne ke sasanta su.

Tayil mai 60 da 60 yana rufe sikwaya mita 0.36. Irin wannan yawanci guda huɗu ne a kwali, wato sikwaya mita 1.44, kuma a rubuce yake a jikin kwalin. Kwali 120 ke nan sikwaya mita 172.8. Yanzu ka tambayi Alhaji faɗin wurin da za a sa. A ce injiniyansa ya auna sikwaya mita 170. A takarda kaya sun isa har da rarar kusan kwali biyu. A ƙasa ba haka ba ne, domin ɗaki ba ya ƙarewa daidai bakin tayil. Ana yanka a jikin bango, a bakin ƙofa, a kewayen ginshiƙi, kuma guntun da aka yanke ba kullum yake samun inda zai shiga ba. Wasu kuma suna fashewa wajen yanka. Shi ya sa ake ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari a kan awo idan shimfiɗar miƙaƙƙiya ce, fiye da haka idan a karkace za a jera. Kashi 10 a kan 170 ya ba da 187, a raba da 1.44, ya kama kwali 130. Ga goman nan. Ba a mota suka ɓata ba, tun wajen awo ba a saye su ba.

Akwai wani abin da ke cinye tayil ba a lura: zagayen ƙasan bango da ake yankowa daga tayil ɗin da aka saya don daɓe. Idan tsayinsa santimita 10 ne, tayil guda yana ba da yanki biyar masu kyau, kowanne tsawon santimita 60, wato mita uku. Gida mai zagayen bango mita 120 zai ci tayil 40, kwali goma cif. Idan ba a sa wannan cikin lissafin farko ba, shi kaɗai ya isa ya bayyana giɓin. Matakalar bene ma haka.

Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce, ba ta buƙatar kowa ya yarda da kowa: a ƙirga tayil ɗin da ke ƙasa, cikakku da yankakku, da na ƙasan bango, da tarin guntaye da ke waje. Kwali 120 guda 480 ne, kwali 110 kuma 440. Ƙirga fankon kwali ba ta da tabbas, domin leburori suna shimfiɗa su a kan sabon daɓe, suna kwana a kansu, wasu a ƙone, wasu 'yan bola jari su kwashe. Idan ƙirgar 110 daga fanko ta fito, ka faɗi wannan dalili da sauƙin murya.

Yaya zan tsara amsar? Ku ba da misali.

Ga irin abin da za a iya turawa:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Alhaji. Barka da aiki, Allah ya sa a gama lafiya. Game da maganar da ka yi mini jiya cewa tayil kwali 110 ne suka iso maimakon 120, na duba takardunmu, ga abin da na samu. Ranar Litinin 3 ga wata ka sayi kwali 120, ga rasit. Ranar Talata 4 motarmu ta isa Lugbe wajen ƙarfe biyu na rana, direba ya kira lambar da ka turo mana da safe, wanda ya amsa ya ƙirga ya rubuta 120 ya sa hannu, ga webil ɗin. Da ƙarfe uku saura direba ya turo maka hoton kayan a jere, layi 12 kowanne kwali 10, ka amsa cewa sun iso, ga hoton da amsar. Na kuma ƙirga abin da ya rage a sitonmu, ya dace da littafi. Bisa wannan, kwali 120 suka isa wurinka, don haka ba za mu iya cika goma ko mayar da kuɗinsu ba. Sai dai na yi wani lissafi da nake ganin zai bayyana abin da ya faru. Kwali 120 sikwaya mita 172.8 ne. Idan wurin 170 ne kamar yadda injiniya ya ce, da asarar yanka ana buƙatar kusan kwali 130. Idan ka amince, gobe Asabar da safe zan turo yaronmu su ƙirga abin da ke ƙasa tare da mai aikinka a gabanka. Muna da sauran wannan tayil mai lambar launi iri ɗaya, na ware maka goma zuwa ranar Laraba. Idan kuma akwai wata takarda ko hoto a wurinka da ya saɓa wa nawa, don Allah ka turo, zan sake dubawa. Na gode."

Ka lura da jerin. An fara da maimaita ƙorafinsa daidai yadda ya faɗa, don ya san an ji shi. Sai takardu bi da bi yadda abin ya faru, kowace magana da shaidarta a manne. Hukuncin ya zo bayan shaida, a jimla guda, a fili. Wannan jimla ita ce mutane ke gudu, su yi ta kewaye da "za mu gani" da "in sha Allah za a duba", Alhaji ya tashi da fahimtar cewa kaya na nan tafe. Bayan mako guda rigimar ta dawo, yanzu da ƙarin laifin saɓa alkawari. Bayan a'a kuma sai mafita, domin matsalarsa ta gaske ɗakin da ba a gama ba ne.

Takardu uku ko huɗu sun isa. Kada ka tura masa hotuna ashirin. Wanda aka jibga wa takardu yana jin ana shari'a da shi ne, kuma cikin ashirin ɗin ba a rasa guda mai ɗan kuskuren da zai kama ya bar sauran.

Akwai kalmomin da ya kamata in guje wa?

Duk kalmar da ke magana a kan halinsa maimakon kayan. "Ba gaskiya ba ne", "ka manta ne", "kamar yadda ka sani sarai", "mu ba ma cutar mutane". Ta ƙarshen tana kama da kare kai, amma abin da kunnensa ke ji shi ne "kai ne mai son cuta". Ka bar takarda ta yi musun: "webil ya nuna 120" ya fi "kai ka karɓi 120". Rantsuwa ma ka bar ta. Da ka ce wallahi, shi ma zai ce wallahi, magana ta tashi daga ƙirga ta koma wa ya fi wani tsoron Allah, daga nan kuma ba mai iya janyewa ba tare da jin kunya ba.

Ban haƙuri yana da wurinsa, amma ka san a kan me kake bayarwa. "Ka yi haƙuri da tsaikon da aikinka ya samu" jaje ne, ba laifi. "Ka yi haƙuri da kuskuren da aka samu" amsa laifi ne, kuma a rubuce yake.

Shin in ce masa ya binciki mai sa tayil ko mai gadinsa?

A'a. Ba ka gani ba, kuma zargin sata a rubuce yana iya jawo wa talaka kora ko kwana a ofishin 'yan sanda, kai ma ya jawo maka ƙarar ɓata suna. Iyakar saninka ta tsaya a lokacin da aka sauke kaya aka sa hannu. Idan an ƙirga na ƙasa aka ga 440 ne ba 480 ba, Alhaji zai yi nasa lissafin da kansa.

A waya zan faɗa, ko a rubuce, ko in je da kaina?

Ya danganta da wanda kake magana da shi. Dattijo ko tsohon abokin ciniki, ya buɗe waya ya ga doguwar wasiƙa da takardu ba sallamar baki, zai ɗauka an raina shi. Ka kira tukuna, ko ka je, ku gaisa, ka faɗi abin da ka samu a taƙaice, sannan ka ce za ka turo takardun ya duba a natse. Idan za ka je, ka nemi ku keɓe. Mutumin da aka nuna wa kuskurensa a gaban leburorinsa zai kafe ko da ya gane. Idan Hajiya ce mai ginin kuma ta saba turo ɗanta ko ƙaninta, ka yi magana da ita kai tsaye, domin saƙon da ya bi ta bakin ɗan aike yakan isa da wani launi. Idan kamfani ne ko ɗan kwangila, wasiƙa a takardar shago mai hatimi, a ba wanda ya karɓa ya sa hannu a kwafinka.

Ko ta wace hanya aka fara, a ƙare da rubutu. Saƙon murya ba ya maye gurbinsa, domin murya tana ɗauke da fushin da ba ka san ka sa ba, kuma da wuya a nemo jimla guda cikin minti shida.

Na duba, webil ɗin ba a sa hannu ba, ko an rubuta 120 a kan wata lamba da aka goge. In gyara?

Kada ka taɓa. Sa hannun da aka ƙara daga baya, ko sabon webil da aka mayar wa tsohon kwanan wata, yana mayar da rigimar kwali goma ta zama laifin jabun takarda. Kuma ana kamawa: kwafin da ke hannun mai gadi ko hoton da direba ya ɗauka ranar zai saɓa wa naka, daga nan har takardunka na gaskiya ba mai yarda da su. Ka faɗi giɓin da bakinka kafin ya gano: "Webil ɗin ba a sa masa hannu ba, wannan sakacinmu ne, amma ga hoton sauke kaya da amsarka." Idan ba abin da ya rage sai maganar direba, to ba ka da abin ƙin amincewa da shi. Ku ƙirga na ƙasa, abin da ƙirga ta nuna a bi, ko ku raba asarar.

Ya ga takardu, sai ya koma cewa launin tayil ɗin bai zo ɗaya ba. A rasit ɗina an buga "ba a mayar da kaya". Wannan bai rufe magana ba?

Bai rufe ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka zo da aibi ko suka saɓa wa abin da aka kwatanta masa, kuma rubutun ƙasan rasit ba ya soke wannan dama. Don haka kada ka kafa ƙin amincewarka a kan wannan layi. Ka ɗauki maganar launi a matsayin sabon ƙorafi, ka duba ta daban. Kamfanonin tayil suna buga lambar rukuni da lambar launi a jikin kwali, domin tayil masu zane ɗaya da aka gasa a lokuta daban-daban sukan ɗan bambanta. Idan kwalayen da ka kai lambarsu ɗaya ce kuma hotonka ya nuna, ka nuna masa. Idan sito ya haɗa rukuni biyu ba a gaya masa ba, wannan ƙorafi yana da tushe ko da na farko ba shi da shi, kuma cin nasara a na farko ba ya wanke ka a na biyu.

Babban kwastoma ne. Ba gara in ba shi goman a wuce wurin ba?

Kuɗinka ne, kana iya kyauta da su. Abin da muke hanawa shi ne ka bayar da sunan cikawa. Idan ka "cika" abin da ba ka rage ba, ka amsa cewa shagonka yana rage kaya, haka zai faɗa wa maƙwabcinsa mai gini, kuma yaran lodinka da suka yi aikinsu daidai sun zama abin zargi. Idan kana son kyautatawa, ka raba abu biyun: yau a tabbatar kaya sun cika, sannan ka ce kwali goman da zai ƙara ka sauke masa farashi, ko kai za ka biya kuɗin mota zuwa Lugbe. Ka rubuta a sabon rasit cewa ragi ne. Mu mun fi son kuɗin mota, domin yana jin sauƙin nan take, kuma bai taɓa farashin da zai riƙe ka da shi gobe ba.

Ya ce zai kawo 'yan sanda, ko ya kai ni hukuma, ko ya sa ni a Facebook.

Ka amsa sau ɗaya, a taƙaice: haƙƙinsa ne ya kai ƙara inda ya ga dama, takardun da ka tura masa su za ka gabatar, kuma tayin ƙirga yana nan. Kada ka mayar da barazana. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓanin ciniki ko karya yarjejeniya kawai, amma idan aka gayyace ka, ka je da kwafin takardu, asalin ka bar su a wuri mai tsaro. Idan FCCPC ta rubuto maka, ka amsa cikin wa'adin da ta bayar, da jerin nan na kwanan wata da shaida. Kafin a kai can, shugabannin layinku a kasuwa ko wani dattijon da ku biyu kuke jin nauyinsa sukan kashe irin wannan magana a zama ɗaya, musamman idan akwai takarda a gabansu.

Idan ya rubuta a Facebook, kada ka lika webil da saƙonninsa a ƙarƙashin rubutun. Suna ɗauke da adireshin gidansa da lambobin wayar mutane, kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta shafi yadda kake amfani da su. Layi biyu sun isa: an duba ƙorafin, an tura masa takardun karɓar kaya ranar kaza, ƙofa a buɗe take a zo a ƙirga.

Har yaushe zan ajiye waɗannan takardu, kuma ta yaya?

A Abuja wa'adin shigar da ƙara a kan yarjejeniyar ciniki ta yau da kullum shekara shida ne, don haka littattafan webil da na rasit su kai wannan tsawo. Takardar POS ba ta kaiwa: zafi ne ke buga rubutunta, cikin 'yan watanni takan koɗe ta zama fara, musamman a aljihun mota ko shago mai rufin kwano. A ɗauki hotonta ranar da ta fito. Littafin webil ya zama mai kwafi uku da lambobi a jere, ɗaya ga kwastoma, ɗaya ya dawo da sa hannu, ɗaya ya zauna a littafi. Shafin da aka ɓata a ja masa layi a bar shi a ciki, kada a yage. A wayar shago a kashe tsarin WhatsApp na saƙonni masu ɓacewa da kansu, domin yana share hirar bayan awa 24, kwana 7 ko kwana 90, kuma idan kwastoma ne ya kunna a hirarku, ka ɗauki hoton allo na duk abin da ya shafi adadi da wanda zai karɓa. Da ƙorafi ya taso, ka fitar da hirar gaba ɗaya da Export chat ka tura wa imel ɗin shago, wayar da aka yi hirar da ita kuma kada a sayar ko a goge ta, domin idan magana ta kai kotu, sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana neman bayani a kan na'urar da saƙon ya fito daga cikinta kafin a karɓe shi.